Kari na 2 da na 3 na Sinanci sun hana ni sakat, wa zai taimaka?

Abban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka yi nisa a Sinanci ku taimaka min. Wata bakwai ke nan ina koyo a waya, kalmomi kam na haddace sun fi ɗari huɗu amma maganar karin sautin nan ta gagare ni. Zuwana Shenzhen na ƙarshe na shiga wani shago a kasuwar wayoyi, wayata tana hannuna na ce wa yaron wo yao mai, nufina ina son saye, kawai sai ya karɓi wayar tawa yana jujjuya ta yana duba gilashin yana faɗa min nawa zai biya, ashe wai cewa na yi zan sayar. Wata mata kuma a Guangzhou ta faɗa min kuɗin caja, kunnena si si kawai ya ji, ban san 14 ta ce ko 40 ba sai da ta danna min a kalkuleta. In aka kunna min ma1 ma2 ma3 ma4 a jere ina jin bambancin sarai, amma a jefo min guda ɗaya shi kaɗai to na 2 da na 3 duk ɗaya ne a wurina.

Ɗan Maraɗi:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni shekara shida ina zuwa Yiwu ban taɓa sanin wani kari ba kuma kaya na iso Maraɗi lafiya lau. Kalkuleta ita ce yaren kasuwa. Rubutun nasu ne ma abin tsoro, shi ka fara kamawa.

Abban Khalifa:
Ai ba rubutu na tambaya ba ɗan uwa, furuci nake magana. Kalkuleta kuma ba ta kiran mutum a waya in kwantena ta maƙale.

Sani Wuhan:
Yaya abin mai sauƙi ne in ka riƙe lambobin. Ka ɗauka muryarka tsani ne mai hawa biyar, 1 can ƙasa 5 can sama. Na ɗaya 55 ne, sama a miƙe. Na biyu 35, daga tsakiya ka hau. Na uku 214, ka sauka ka sake hawa. Na huɗu 51, daga sama ka faɗo. Wani masaninsu Chao Yuen Ren ne ya fito da tsarin tun 1930. To saye mai3 ne, sayarwa mai4, kai dai duk inda ka ga 3 ka tabbatar ka sauka ka hau kamar kwarya, haka aka koya mana a shekarar koyon yare kuma da shi muka ci jarrabawa.

Malama Hauwa'u:
Sani ƙanina lambobinka daidai ne amma shawarar ƙarshen nan ita ce ke jefa mutane rami. 214 ɗin nan cikakke sai in gaɓar ta tsaya ita kaɗai ko ta zo ƙarshen magana an danna ta. A cikin magana, in na 3 ya zo kafin na 1 ko na 2 ko na 4, rabinsa kawai ake yi, a sauka ƙasa a zauna can, babu wani hawa. Ka saurari ɗan Beijing ya ce Bei3jing1, ba za ka ji bei ɗin ta yi kwarya ba, ƙasa take kawai sai jing ta haye sama. Wanda ya dage sai ya hau a kowane 3, kunnen Basine zai kama hawan ne ya ɗauka na 2 ya faɗa.

Alhaji Abban Khalifa kai kuma albishirinka, uku daga cikin huɗun suna bakinka tun kana goye, ba a dai taɓa nuna maka ba ne saboda ba ma sa alamar kari a rubutun boko. Faɗi wannan da ƙarfi: mai shayi. Yanzu faɗi: gidan mai. Ka ji mai ɗin farko a ƙasa take, ta biyun kuma daga sama ta faɗo? To mai ta mai shayi ita ce mai3 saye, mai ta fetur ita ce mai4 sayarwa. Wallahi kusan haka suke. Ran nan a shagon wayar, man fetur ka ambata wa yaron.

Abban Khalifa:
Innalillahi. Malama na faɗa sau goma yanzu har uwargida ta leƙo tana tambaya wa nake aika sayen mai. Wallahi na ji shi! To ai ni da na ce wo yao mai ƙarfi na sa a mai ɗin don ya ji ni da kyau.

Malama Hauwa'u:
Shi ne ya kayar da kai. Yao4 faɗuwa ce, bakinka ya riga ya hau sama ya faɗo, sai ka zo gaɓar ƙarshe ka danna ta, danna gaɓa kuwa a wurin mai koyo kusan kullum faɗuwa take zama. Maganin shi ne kada ka bar mai3 tsirara a ƙarshe, ka saka mata abin da za ka saya. Mai3 shou3ji1, sayen waya, na da wata matsala da zan zo kanta, don haka fara da mai3 shu1, sayen littafi, ka yi shi da karin mai gida, ƙasa sannan sama.

Baffa Lawal:
'Yata Hauwa'u Allah Ya yi miki albarka. Ni ba Sinanci nake koyo ba jikana ne ya sa ni a nan, amma abin da kika faɗa ai shi ne sirrin kalangu, makaɗi na matse tsarkiya ya saki mutum ya ji sunansa ba a buɗe baki ba. Kuka na hawaye da kuka ta miya, baba mahaifi da baba na rini. To in muna da abin me ya sa yaran namu ke shan wuya haka?

Malama Hauwa'u:
Amin Baffa na gode. Saboda guda ɗaya ne ba mu da shi kuma shi ne mai rigimar. Hausa na da karin sama, karin ƙasa, da faɗau irin na kai na jiki ko yau ko yara. Hawa a cikin gaɓa ɗaya babu shi sam. Har in kalma ta takura ta zo za ta yi hawa sai Hausa ta miƙar da ita sama, ku duba ɗauka, ƙasa ce sannan sama, amma in aka gajarta aka ce ya ɗau kaya sai ɗau ta zama sama zalla. To wannan ɗabi'ar muke kai wa na 2. Bahaushe zai so ya ce tang2 sukari sai ta fito tang1 miya, yana ji a ransa ya hau alhali tsalle ya yi ya dira a sama tun farkon gaɓar. In kuma aka ce masa a'a ka fara daga ƙasa, sai ya zurma can ƙasa sosai ya ja ta, ta koma ta 3. Kunnen ma haka, tunda a yarenmu hawa ba ya raba ma'ana, duk abin da ya ƙare da hawa jaka ɗaya yake zuba shi, shi ya sa Alhaji ke jin 2 da cikakken 3 abu ɗaya.

Sani Wuhan:
Anti na yarda da rabin 3 a magana, malamarmu ma ta faɗa daga baya. Amma ni ina ganin gara mutum ya fara da cikakken, don in bai san kwaryar ba ranar da aka tambaye shi abu ya ce hao3 ita kaɗai ko you3 zai yi ta a guntule. Kuma a jarrabawar baka in an ba ka gaɓa ɗai-ɗai cikakken suke so.

Malama Hauwa'u:
A jarrabawar gaɓa ɗai-ɗai kana da gaskiya. Amma Alhaji ba jarrabawa zai zauna ba ciniki zai yi, kuma in ka ƙirga 3 nawa ke fitowa cikakke a hira za ka ga 'yan kaɗan ne. Mutanen Taiwan ma da yawa ko a ƙarshen magana ba sa hawan. Ni dai da ƙasa nake fara wa ɗalibaina, wutsiyar daga baya.

Sani Wuhan:
To ni dai da cikakken na fara kuma ban mutu ba 😂

Maman Iman:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni a Tianjin nake maigida na karatu, ina zuwa aji sau biyu a sati. Malamarmu in ta yi mana gwaji ina cin 18 ko 19 cikin 20, har ana yaba min. Amma in na je kasuwar kayan miya, tsohon da nake sayen albasa a wurinsa ya yi magana ko gaɓa ɗaya ba na iya cewa ga karinta. Har na fara tunanin ko kunnena ne ke da matsala.

Usman Injiniya:
Hajiya lafiyar kunnenki ƙalau, muryar malamar kika haddace. Kari ba wani tsayayyen sauti ba ne, gwargwadon muryar mai magana ne, saman wani dattijo na iya zama ƙasa da ƙasan wata budurwa. In da mutum ɗaya kike atisaye kunne zai riƙe inda ita take kaiwa ne. An yi wani bincike a Amurka da aka buga a 1999, aka horar da ɗalibai zama takwas cikin sati biyu da muryoyin mutane daban-daban, suka ƙaru da wajen kashi 21 cikin ɗari wurin gane kari, bayan wata shida aka sake gwada su abin bai zube ba. Akwai rumbun Tone Perfect na jami'ar jihar Michigan, kowace gaɓa da karinta huɗu a bakin mutum shida, maza uku mata uku. Sai dai kuma ki sani asalin 'yan Tianjin na da nasu karin, na 1 ɗinsu ƙasa yake yi maimakon sama, in tsohon ɗan gari ne to ba duka laifinki ba ne.

Maman Iman:
Kai jama'a! Shi ya sa in ya ce Tianjin ɗin ma nake jin ta wani iri. To ya ake atisayen, kawai in yi ta saurare?

Usman Injiniya:
Saurare zalla bai yi min aiki ba gaskiya, na yi wata biyu ina kunna rediyonsu ina wanke-wanke ba abin da ya ƙaru. Abin da ya yi min shi ne in tilasta wa kunne ya yanke hukunci. Ki ware kari biyu kacal, 2 da 3, kar ki haɗa huɗun. Ki tara gaɓa ashirin, goma na 2 goma na 3, muryoyi a cakuɗe, ki sa wayar ta kunna su barkatai ko maigida ya riƙa danna miki. Kowace ɗaya ki rubuta 2 ko 3 kafin ki duba, ki duba nan take, in kin faɗi ki sake jin ta tare da kishiyarta a bakin mutumin nan dai. Minti goma sha biyar a rana ya isa, bayan nan kunne gajiya yake. Ki tuna wanda ya yi canki-canka ma zai ci 10 cikin 20, don haka 12 ba ci ba ne. Ni da 11 na fara, sai da na yi sati uku kafin na zauna a 17.

Abin da za ki kasa kunne a kai kuma kar ya zama ƙarshen gaɓar don duka biyun hawa suke. Tsakiyar za ki ji. Na 2 na fara hawa da wuri kuma muryar a wanke take. Na 3 sai ya nutse tukuna, ya daɗe a ƙasa, sau da yawa har muryar ta yi ƙara-ƙara kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba, in kin ji wannan gurgurar kusan kullum 3 ce.

Ɗan Maraɗi:
To su in suna waƙa fa ina karin yake zuwa? Ai suna gane juna. Ni shi ya sa na ce abin duk ƙaƙale ne.

Sani Wuhan:
Suna ganewa daga ma'anar zancen, kuma kai ma a Yiwu haka suke gane ka don sun san kaya ka zo saye. Je ka ce wa wata wo xiang wen ni da wen3 maimakon wen4 ka gani, tambaya za ka yi ka ɓuge da neman sumba.

Ɗan Maraɗi:
A'uzubillahi. Allah Ya tsare.

Abban Khalifa:
Malama na tura miki saƙon murya, na karanta 14 da 40 da kuma wo xiang mai shouji. Don Allah a faɗa min gaskiya kar a ji kunyata.

Malama Hauwa'u:
Na ji Alhaji, zan faɗa a nan don wasu su amfana in ba damuwa. Si4 ɗinka ta yi kyau, sai dai kana jan ta kamar yadda muke jan wasali a faɗau, tasu gajeriya ce ta fi sauran duka gajarta, kamar tsawa. Shi2 kuma kamar yadda na yi zato a miƙe ta fito, shi1 ka ce. Nan ne maganar matar Guangzhou take, mutanen kudu da yawa ba sa raba sh da s, to goma da huɗu duka si suke fita, kari kaɗai ya rage. 14 shi2si4 ne, hawa sannan faɗuwa, kamar ka hau tudu ka gangaro. 40 si4shi2 ne, faɗuwa sannan hawa, kamar ka faɗa kwari ka fito. Ka bar neman baƙin, siffar za ka saurara, tudu ko kwari.

Don hawan kuma ga dabarar da nake ba mutanenmu. In an kira ka ka amsa na'am, ƙasa ce da sama a gaɓa biyu. Cire tsayawar da ke tsakiya ka ja ta ta zama naam guda ɗaya muryar na zamewa sama. In ta zauna sai ka ɗaga mafarin kaɗan, daga inda muryarka take in kana hira ba daga ƙasan maƙoshi ba. Daga nan ka canza mata kaya, nan2, lai2, ren2, qian2. Ka fara da masu n da l da m don murya ba ta yankewa a kansu, shi2 ta zo daga baya.

Jimlar kuma wo3 xiang3 mai3 shou3ji1, 3 huɗu ne a jere, kai kuma ka yi su duka ƙasa kamar kana cewa ayaba ko akwati. Mu bakinmu ya saba da ƙasa-ƙasa-ƙasa, su kuwa ba sa jera 3 biyu, na farkon komawa 2 yake. Shi ya sa ni3 hao3 ake jin ta ni2 hao3, wu3bai3 ɗari biyar ake jin wu2bai3. To mai3 a gaban shou3 ita ma mai2 take zama. Ka ga kalmar da ka sha wuya ka koya a ƙasa ga ta ta koma hawa, shi ya sa na ce ka fara da littafi.

Abban Khalifa:
To su wo da xiang fa, su ma hawa?

Malama Hauwa'u:
Ni yadda na fi ji, ana raba ta biyu, wo2 xiang3 sannan mai2 shou3ji1.

Sani Wuhan:
Anti ni abokin ɗakina da sauri yake yin ta duka hawa, wo2 xiang2 mai2 shou3ji1. Yanzu na sa shi ya faɗa sau uku.

Malama Hauwa'u:
Hakan ma ana yi in da sauri, ya danganta da inda mutum ya yanka numfashi. Abin da ba za ka ji ba shi ne mai ta zauna ƙasa a gaban shou.

Usman Injiniya:
Alhaji in kana da kwamfuta sauke Praat, kyauta ce, wasu masana a Amsterdam suka yi ta. Ka buɗe rikodin ɗinka ka danna View & Edit, shuɗin layin nan shi ne hawa da saukar muryarka. Ni da ita na kama wani abu da ba wanda ya faɗa min. Na karanta jin1tian1 xing1qi1yi1, wato yau Litinin, duka na 1 ne, layin ya tafi a miƙe ba laifi. Amma da na ce lao3shi1 he1 ka1fei1 bayan wata doguwar jimla mai 3 da 4 a ciki, sai na ga kowane sama da ya biyo bayan ƙasa ya gaza na baya, kafin in kai ƙarshe na 1 ɗina ya sauko tsakiyar murya kamar matakala.

Malama Hauwa'u:
Wannan ma gadon gida ne, a Hausa duk sama da ta biyo bayan ƙasa tana ɗan sauka, ka ce yara ka ji ra ɗin ba ta koma inda ya ta fara ba. Su ma muryarsu na gangarawa a doguwar jimla amma ba kamar tamu ba, in ka ce Yi4wu1 ko qi4che1 da karin yara zalla gaɓa ta biyun za ta yi musu ƙasa, sai ka sake ɗaga ta da gangan har ka ji kamar ka yi yawa. Shi ya sa na fi son atisaye da kalma mai gaɓa biyu a kan ma ma ma ma, ka samu kalma ɗaya da ka sani sosai ga kowane haɗi, fei1ji1, Zhong1guo2, Guang3zhou1, zai4jian4, duk sabuwar kalma sai ka ɗora ta a kan karin tsohuwar.

Baffa Lawal:
Mu a makarantar allo ba a ba yaro wani shuɗin layi, malam ya biya ka biya har ya zauna. Ni ina ganin baki ne ke koya wa kunne.

Usman Injiniya:
Baffa Allah Ya ƙara girma, ai a can malam na zaune yana jin ka, in ka karkace ya mayar da kai. Mai koyo a waya shi kaɗai in kunnensa bai raba 2 da 1 ba zai maimaita kuskuren sau dubu yana jin daidai yake.

Maman Iman:
Ni kam sai da na iya yin gurgurar nan da bakina jiya da daddare sannan yau na fara jin ta a bakin mutane, to ban san wanne ya riga ba. Gwajin farko na ci 13.

Abban Khalifa:
Malama na sake turawa, lai2 da qian2 da shi2 kowanne sau biyar.

Malama Hauwa'u:
Lai ta hau, huɗu cikin biyar. Qian biyu sun hau uku sun miƙe. Shi har yanzu a sama take dira, bar ta tukuna ka yi kwana uku a kan lai da nan da mang, ranar Alhamis ka sake turo min da murya ƙasa-ƙasa ba irin ta kiran yaron shago ba.